An turo min saƙon ɗaukar aiki ba albashi, ba bayanin aiki, ba rana: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin matasan ƙauyukan Kano da Jigawa bayan saƙo ya shigo waya yana cewa an ɗauke su aiki. Domin kada maganar ta watse, za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. A ƙaddara saurayi ne mai difloma a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Ringim, ya ba kawunsa takardunsa, sai ga saƙo ta WhatsApp daga wani kamfanin casar shinkafa da ke bakin Kano: "An ɗauke ka aikin sito. Ka zo ranar Litinin, za a yi maka bayani." Kuɗaɗen da ke cikin misalin duk na ƙaddarawa ne, sai dai inda aka ambaci doka.

1. Ai an ce an ɗauke ni. Me kuma ya rage in tambaya?

Sake karanta saƙon a natse ka ga abin da ke ciki. Babu sunan kamfani, babu sunan wanda ya rubuto, babu adadin kuɗi, kuma Litinin ɗin ba a ce wacce ba. "Aikin sito" kansa yana iya zama riƙe littafi da makulli, yana kuma iya zama ɗaukar buhu a ka. Abin da ke hannunka gayyata ce kawai. Idan ka sayar da akuya ka yi kuɗin mota, ka bar gona ba mai cira, ka isa can da jakarka, to ka riga ka rasa ƙarfin ciniki, domin duk abin da aka yanka maka a bakin ƙofa za ka karɓa, tunda komawa gida hannu rabbana ya fi maka ciwo. Wannan shi ne cinikin biri a sama.

Abu uku kake nema kafin ka taka tasha: nawa za a biya ka kuma yaushe, mene ne aikin da za ka riƙa yi daga safe zuwa yamma, da ranar farawa da kwanan watanta. Sauran tambayoyin da ke ƙasa duk rassan waɗannan ukun ne.

2. Ba rashin kunya ba ne in tambayi albashi tun ban fara aiki ba?

A nan yawancinmu muke faɗuwa. An tashe mu da cewa yaro ba ya yi wa babba ciniki, sai ka ji mutum ya ce "duk abin da ya sawwaƙa, ranka ya daɗe", alhali a zuciyarsa akwai adadin da ya sa rai. Wata ya ƙare, a miƙo masa rabin abin, ya fara gunaguni a majalisa. Shi kuma mai aikin yana da gaskiyarsa, don ba a yi da shi zai ba da fiye da haka ba.

Amma dubi yadda muke yi a gona. Ba wanda yake shiga noman ƙwadago bai san ko na yini ne ko jinga ba, ko da kunun safe ko babu. Mai yankan shinkafa a Kura yana tsayawa a kan kunya ya yi ciniki kafin ya sa lauje, kuma ba a taɓa ce masa mara tarbiyya ba. Malaman fiƙihu ma sun sa sanin lada da sanin aiki cikin sharuɗɗan ijara, kuma a Suratul Ƙasas, aya ta 27, da dattijon Madyana zai ɗauki Annabi Musa aiki sai da ya yanka masa wa'adi a fili: shekara takwas, in ya cika goma daga gare shi ne. Tambayar ba ta da aibi. Abin da zai iya zama rashin ladabi shi ne salon yin ta, shi ya sa aka tanadi tambaya ta 3.

3. To me zan rubuta?

Ka fara da sallama da godiya, ka faɗi sunanka da aikin da ake magana a kai, domin mai karantawa watakila mutum ashirin ya tura wa saƙon nan. Sannan ka jera tambayoyin da lamba. Lambar tana da amfani: idan ya amsa biyu ya tsallake ɗaya, za ka iya cewa "saura ta biyu, Yallaɓai" ba tare da sabon dogon bayani ba. Ga yadda saurayinmu na Ringim zai rubuta:

> Assalamu alaikum, Yallaɓai, barka da aiki. Ni ne wane, wanda aka turo wa saƙon aikin sito jiya. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, kuma ina son aikin. Da yake daga ƙauye zan taso, ina roƙon a taimaka min da bayani uku don in shirya. (1) Nawa ne albashin da zai shigo hannuna a wata bayan an cire abin da za a cire, kuma ran nawa ga wata ake biya? (2) Mene ne aikin da zan riƙa yi, daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, kwana nawa a mako, kuma akwai wurin kwana? (3) Ran nawa ga wata zan fara, a wane adireshi, kuma wa zan nema in na zo? In na samu amsa zuwa Juma'a, zan iso a kan lokaci in sha Allah.

Lura da abin da babu a ciki. Babu labarin talauci, babu "ku taimaka min don Allah ko nawa ne", don wanda ya faɗi haka ya riga ya karya farashin kansa. Babu kuma barazanar cewa in ba a amsa ba ba zai zo ba. Dalilin da ya bayar, wato nisan gida, gaskiya ne kuma kowane mai hankali zai karɓa. Idan Hajiya ce mai makaranta ta rubuto, sai a ce "Hajiya, barka da aiki", in kuma dattijo ne, "Alhaji, ranka ya daɗe". Sauran saƙon ba ya canzawa.

4. In rubuta, in yi saƙon murya, ko in buga waya?

Ka rubuta, kuma ka nemi amsa a rubuce. Idan rubutu yana ba ka wahala, saƙon murya ya wadatar, tunda shi ma yana ajiyuwa, sai dai ka tura kwafinsa wayar wani ɗan'uwa saboda ɓatan waya, kuma ka duba ko an kunna tsarin nan na WhatsApp mai goge saƙonni da kansa bayan kwanaki. Kira shi ne mafi rauni, don da an ajiye waya maganar ta bi iska.

Manya da yawa ba sa amsa rubutu, kira suke yi. In haka ta faru ka saurara da kyau, da an gama ka tura gajeren saƙo: "Yallaɓai, don kada in yi kuskure, abin da na fahimta shi ne naira 75,000 a wata, ana biya ran 28, zan fara Litinin 3 ga wata. Haka ne?" Ko "eh" kaɗai ya rubuto, ka samu abin riƙewa.

5. An amsa min da "za mu daidaita" ko "ba za ka yi kuka ba". In ƙara tambaya?

Ƙara, sau ɗaya, kuma ka sauƙaƙa masa amsar. Wani ba mugunta ce ta hana shi faɗa ba, shi ma yaron gida ne bai san adadin ba, ko kuwa maigidan yana so ya ga hannunka tukuna. Sai ka ce: "Na gode, Yallaɓai. Ko da ba a yanke ba, a taimaka min da mafi ƙarancin abin da ba zai gaza ba, don in san ko zai ɗauki kuɗin mota da abinci." Wanda yake da niyyar biya yana iya faɗin ƙasan farashi ko da bai yanke samansa ba.

In ya ce sai an gan ka, wannan ba laifi ba ne, amma ka ɗauki tafiyar a matsayin ganawa: ka je da kuɗin dawowa, ka bar jakar kaya a gida, kada kuma ka ajiye wata sana'ar da kake yi. Wanda aka tambaya sau biyu cikin ladabi ya kauce sau biyu, ko ya fusata ya ce "in ba ka so akwai masu so", ya nuna maka yadda ƙarshen wata zai kasance.

6. An faɗa min adadi. Ta yaya zan san ko ya ishe ni?

Adadin da aka faɗa da wanda zai kwana a aljihunka ba ɗaya ba ne. A ce an rubuto wa saurayinmu naira 75,000. Tambaya ta farko: kafin cire-cire ne ko bayansa? A kamfanin da ke bin dokar fansho ta 2014, ana cire kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, kamfani ya ƙara kashi 10 daga aljihunsa. In aka lissafa a kan kuɗin gaba ɗaya, naira 6,000 ta fita, saura 69,000. Kuɗin fanshon naka ne, amma fa sai idan ana zuba shi a asusun da ke ɗauke da sunanka da lambarka, don haka in an ce ana cirewa ka tambayi wane kamfanin fansho ne.

Yanzu a ce babu wurin kwana, zai sauka gidan ɗan'uwa a cikin gari. Kuɗin adaidaita zuwa da dawowa naira 1,200 a rana, sau kwana 26, ya kama 31,200. Abincin rana da na dare naira 1,000 a rana, in ya matse, 26,000. Jimla 57,200. Abin da ya rage na aika wa gida, sabulu, kati da magani naira 11,800 ne. In da wani wurin ya ce naira 55,000 ce amma da ɗakin kwana a cikin kamfani da abincin rana, wannan ƙaramin albashin ya fi babban nesa ba kusa ba. Shi ya sa tambayar wurin kwana ta shiga saƙon da ke tambaya ta 3.

Sai kuma tarkon biyan yini. In aka ce naira 3,000 a rana, kai ka buga sau 26 ka ga 78,000, ka yi murna. Amma injin casa ba kullum yake tashi ba: yau babu wuta, gobe babu shanshera, jibi ana gyara. In ranar da inji bai tashi ba ba a biya, kuma kwana 18 aka yi aiki, naira 54,000 ce taka, alhali cikinka bai yi hutu ba ko na yini ɗaya. Ga malamai mata da maza da makarantun kuɗi suke nema, kwatankwacin wannan tambayar ita ce: ana biyan watannin hutu, musamman dogon hutun Agusta, ko sai watan da aka shiga aji?

7. Ba doka ta ce mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ba? Zan iya kafa hujja da ita?

Dokar tana nan. A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a kan naira 70,000 a wata, gwamnatin Kano kuma ta sanar da 71,000 ga ma'aikatanta. Sai dai dokar ta ƙasa ta togace wasu: wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, mai aikin wucin gadi na 'yan sa'o'i, wanda ake biya da kamasho ko da yawan abin da ya yi, da aikin da ke bin yanayi irin na gona. To shagon taki a Gumel mai yara huɗu, ko kemis, ko ƙaramar islamiyya, ba su shiga ciki ba. Babban kamfanin shinkafa mai ma'aikata ɗari ya shiga.

A saƙon farko dai ban ga amfanin ɗaga wa mutum doka ba. Ka san ta don kanka, ka auna amsar da aka ba ka da ita. Babban kamfanin da ya yanka maka naira 40,000 a wata a aikin cikakken lokaci, ya kamata ka tambaya ko su ne suke ɗaukar ka kai tsaye ko ta hannun ɗan kwangila, domin sau da yawa a nan tsakiyar kuɗin yake raguwa.

8. Me ya sa ake matsa wa maganar "mene ne aikin"? Ai kowa ya san aikin sito.

Domin a aikin sito ba gajiya ce babbar matsala ba, giɓi ne. Mai riƙe da makulli shi ake tambaya in littafi ya ce buhu 400 aka ƙirga aka samu 396. Saboda haka akwai abubuwan da ya kamata a sani tun a waya. Makullin a hannun mutum nawa yake? Wa yake sa hannu in mota ta ɗauki kaya da daddare? In aka samu giɓi, daga albashin wa ake cirewa? Shanshera tana rage nauyi in ta bushe, ɓera da ƙwari suna cin nasu, buhu yana yagewa wajen lodi, to ko akwai rangwamen da aka yarda da shi na irin wannan? Buhu huɗu kacal na shinkafa sun isa su cinye albashin wata biyu ko fiye. Dokar Ƙwadago, a sashe na 5, ta hana mai aiki ya yanki albashi a matsayin tara yadda ya ga dama, cirewa saboda ɓarnar ganganci ko sakaci ma sai da amincewar jami'in ƙwadago a rubuce. Amma a aikace ana yankewa, kuma wanda bai tambaya tun farko ba shi ya fi shan wahala.

Ranar da za ka karɓi sito, kada ka karɓi makulli sai an ƙirga kaya a gabanka, an rubuta adadi da kwanan wata, kai da mai miƙawa kun sa hannu, ka ɗauki hoton shafin da wayarka. In ba haka ba giɓin wanda ya gabace ka zai hau kanka.

Ka kuma tambayi ko lodi yana cikin aikinka ko akwai 'yan dako, ko akwai aikin dare, da ranar hutu. Ka tambayi ko mai kwana a ciki yana fita in ya tashi aiki. Wannan ba tambayar banza ba ce: a watan Yuni na 2020 'yan sanda sun fito da ma'aikata sama da ɗari daga wani kamfanin shinkafa a Kano, bayan an tsare su a ciki na tsawon watanni lokacin kullen korona.

9. Ranar farawa fa, me zai rikice a cikinta?

Ka nemi kwanan wata, ba sunan rana ba. Mutum yakan iso Litinin a ce masa manaja ya yi tafiya, ya dawo wani makon, ya zauna yana cin guzurinsa a gidan mutane. Ka kuma tambayi ko daga ranar ake fara lissafin kuɗinka. In ka fara ran 20 a wata mai kwana 30, ka yi kwana 11. A albashin 75,000, wato 2,500 a rana, naira 27,500 ke nan. Za a ba ka ita a ƙarshen watan, ko za a haɗa da na gaba? Wasu wuraren ma suna riƙe albashin watan farko wai ajiya ce sai ranar barin aiki. In haka ne tsarinsu, kana buƙatar guzurin kusan wata biyu, kuma lallai riƙewar ta shiga rubutu.

In an ce akwai gwaji, ka tambayi tsawonsa, da abin da ake biya a cikinsa, da albashin bayansa. Gwajin da ba shi da ranar ƙarewa yana iya kai shekara. In kuma ranar ta faɗo tsakiyar girbin gero ko yankan shinkafa, ka faɗa tun yanzu: "Yallaɓai, ina da amfanin gona a ƙasa, ko zai yiwu in fara ran 17 maimakon ran 3?" Neman ɗagin mako biyu kafin farawa ya fi sauƙin samu a kan neman izinin tafiya gida a makonka na farko.

10. Kawuna ne ya samo min aikin. In na yi tambayoyin nan ba zan kunyata shi ba?

Ka bi ta hannunsa, kada ka tsallake shi. Ka same shi ka ce: "Kawu, an turo saƙon, na gode Allah ya ƙara girma. Ina so in tambaye su albashi da wurin kwana don kada in je in zame maka nauyi. In tura, ko kai za ka tambayar min?" Yawanci zai ce ka tura, ko ya buga da kansa, kuma shi za a fi faɗa wa gaskiya. In shi ya jiyo, ka tura saƙon tabbatarwa irin na tambaya ta 4. Kawu ne ya fi kowa amfana da wannan, musamman in shi zai tsaya maka, don in giɓi ya taso, irin wanda aka yi bayani a tambaya ta 8, ƙofarsa za a fara bugawa.

11. Yaya zan bambance saƙon da bai cika ba da na 'yan damfara?

Saƙon tambaya ta 3 shi kansa kamar rariya yake. Mai aiki na gaske yana da adireshin da za a iya zuwa da sunan wanda za a nema. Ɗan damfara kuwa zai tsallake tambayoyinka ya koma kan gaggawa: a tura kuɗin fom, ko na riga, ko na gwajin lafiya, zuwa asusun wani mutum kafin ƙarfe huɗu. Wanda zai biya ka ba ya fara da karɓa daga gare ka. Lambar asusun banki ana bayarwa bayan an fara aiki, amma lambar sirrin kati da lambar nan da banki ke turowa ta saƙo ba mai ɗaukar aikin da ke buƙatar su. Takardun makaranta kuma kwafi ake bari, na ainihi a nuna a dawo da su.

Ka nemi cikakken sunan kamfanin ka duba shi a shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, kodayake rajista kaɗai ba ta isa shaida ba, tunda ana aron sunan kamfanin gaske. Abin da ya fi shi ne ka sa ɗan garinku da ke Dawanau, Sharada ko Bompai ya taka ya ga wurin da idonsa, ya tambayi mai gadi ko ana ɗaukar ma'aikata. In aikin na wata ƙasa ne, ko aikatau ne ake nema wa yarinya a birni ba a faɗi gidan ba, kuma ana cewa kada a gaya wa kowa, wannan magana ce ta kai wa mai unguwa da hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP.

12. Na riga na fara aiki ban tambayi komai ba. Lokaci ya ƙure?

Bai ƙure ba. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci takardar sharuɗɗa kafin a wuce wata uku da farawa, mai ɗauke da irin aikin, adadin albashi da lokacin biyansa, sa'o'in aiki, hutu, da wa'adin sanarwa in za a rabu. Dokar ta fi shafar masu aikin ƙarfi da na ƙananan ofis, kuma ma'ajin sito yana cikinsu. Ka zaɓi lokacin da maigida yake a natse, ba ranar lodi ba, ka ce a gida ana tambayarka takardar aiki, ko za a taimaka a rubuta maka. In babu takarda, ka tura tambayoyin nan uku ta waya, ka canza ta ukun zuwa "a tabbatar min da ranar da aka rubuta na fara".

Kafin amsa ta zo, ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta ranar da ka yi aiki, lokacin shiga da fita, da duk kuɗin da aka ba ka, ka kuma fifita a biya ka ta banki don alat ya zame maka shaida. In ka yanke shawarar tafiya, sashe na 11 ya ce wanda bai wuce wata uku ba sanarwar kwana ɗaya ta isa, daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyu kuwa mako ɗaya, sai in kun yi yarjejeniyar da ta fi haka tsawo. In aka riƙe maka kuɗi, ka fara da wanda ya haɗa ku, sannan ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharka, ka tafi da littafin da saƙonnin da ke wayarka.